Ladan ba ya rasa murya a farkon kira, a ƙarshen numfashi yake rasa ta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana da 'yan'uwana ladanai da masu jan baƙi. Na daɗe ina kiran sallah, kuma akwai shekarar da muryata ta dishe tun goman farko na azumi, har sai da wani ya karɓe ni. A lokacin na ɗora laifin a kan sanyi da ƙura. Sai da na je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro na gane cewa da hannuna na jawo.

Likitan ya nuna mini cewa murya tana fitowa ne daga wasu 'yan tantani guda biyu da ke cikin maƙogwaro, waɗanda iska ke kaɗawa suna haɗuwa suna rabuwa. A muryar namiji ta hira sukan haɗu sama da sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Idan ladan ya ɗaga murya sama, adadin ya ƙaru; idan ya ƙara ƙarfi, kowace haɗuwa ta ƙara tsanani. Shi ya sa kiran minti uku ke iya gajiyar da mutum fiye da hirar awa guda. In abin ya yi yawa sai su kumbura, in kuma aka ci gaba a haka wata da watanni, sai kanta ta fito a gefensu kamar ta hannun manomi.

Ga inda nake yin kuskuren. Idan na zo "Hayya alal falah", nakan ja maddar har iska ta ƙare mini, don ina son a ce ladan nan yana da dogon numfashi. To, iska tana ƙarewa, ba abin da ke riƙe sautin sai maƙogwaro. Sai ya matse, jijiyoyin wuya su tashi, haɓa ta ɗaga sama, murya ta sirance. 'Yan daƙiƙun nan na ƙarshen kowace jimla su ne ke cin murya, kuma ina maimaita su a kowace jimla, sau biyar a rana. Wanda ke son ya gane ko yana yin haka, ya ɗora yatsu a gefen wuyansa ya ja jimla guda. In ya ji wuyan ya yi tauri kafin ya kai ƙarshe, ya wuce iyakar numfashinsa.

Gyaran da na yi ba shi da wahala, sai dai yana son haƙuri. Na fara koyon shaƙar iska ta sauka ƙasa. Nakan kwanta rigingine, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a ƙirji, in ja numfashi har na cikin ya ɗaga, na ƙirjin kuwa ya zauna kusan yadda yake. Daga baya na koma yi a tsaye, hannuwa a haƙarƙari, ina jin suna buɗewa gefe da gefe, kafaɗu ba sa tashi. Sai in saki iskar a hankali da sautin "sss", ina ƙirgawa. Manufar ba in kai wani babban adadi ba ce, a'a, sautin ya fita daidai daga farko zuwa ƙarshe, ba ya kwararo da farko sannan ya yi rawa ba. Bayan haka na yi wa kaina doka: ina rufe kowace jimla alhali da sauran iska a cikina. Maddar da nake ja har in shaƙe na rage mata tsawo, na kuma sauke mafarin kiran ƙasa kaɗan, domin wanda ya fara "Allahu akbar" a ƙololuwar muryarsa ba shi da sauran wurin hawa. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce kiran ya ragu.

Mai karatu shi ma haka. Yakan so ya kai ƙarshen doguwar aya da numfashi ɗaya, sai ka ji haruffan ƙarshe suna fita a matse, madda mai haraka shida ta koma huɗu. Malaman tajwidi sun riga sun ba mu mafita da ilimin waƙafi da ibtida'i. Kafin ka shiga sallah ko zaman karatu, duba shafin, ka san inda za ka tsaya da inda za ka koma ka ɗauko. Aya ta 282 a Baƙara shafi guda ce cur, ba wanda ya ce a karance ta ba tsayawa.

Sai maganar Asuba, wadda ita ce ta fi kowane kira haɗari. Mutum ya tashi daga barci, maƙogwaro a bushe, murya a nauyaye, ya yi alwala ya kama lasifika da ƙarfinsa duka. Ba ɗan tseren da ke tashi daga kan gado ya zuba da gudu. Yanzu nakan ba kaina minti biyar zuwa goma. Ina fara da gunna, baki a rufe, "mmm" a hankali har in ji kaɗawar a hanci da leɓɓa. Sai in kaɗa leɓɓa kamar yaro mai kwaikwayon babur, ina hawa ina sauka. Daga nan in karanta gajerun ayoyi da muryar hira, sannan in gwada jimla ɗaya ta kiran da rabin ƙarfi. A hanyar masallaci ma ana iya yin duk wannan, in dai mutum ba ya jin kunyar a gan shi yana gunaguni shi kaɗai.

Game da shan ruwa, akwai abin da ya ba ni mamaki. Duk abin da muke haɗiya ba ya taɓa tantanin nan, don hanyar abinci daban, ta iska daban. Ruwan da ka sha yanzu sai ya bi jiki kafin ya amfane su, saboda haka na jiya da dare ne ke taimakon kiran Asuba. Mai azumi ya rarraba shan ruwansa tsakanin buɗa-baki da sahur, kada ya tara shi a zama ɗaya. Abin da ke isa gare su kai tsaye shi ne tururin ruwan ɗumi da aka shaƙa. Alewar maƙogwaro mai sanyaya baki kuwa tana iya rufe zafin ne kawai, ka ci gaba da ɓarna ba ka sani ba.

Idan murya ta dishe, raɗa ba hutu ba ce, takan matse maƙogwaro. A yi shiru, ko a yi magana kaɗan da murya mai laushi. Yawan gyaran murya da kaki ma buga tantanin yake yi da juna, gara a haɗiyi yawu ko a kurɓi ruwa. Wanda kuma ke cika ciki ya kwanta nan take, ruwan ciki mai tsami na iya tasowa har maƙogwaro, ko da bai ji ƙwannafi ba; alamarsa ita ce tashi da murya a shaƙe da jin kamar wani abu ya tsaya a wuya. A bar awa biyu zuwa uku tsakanin cin abinci da kwanciya. Na san bayan sahur wannan da wuya, to aƙalla a jingina, kada a miƙe.

Gajiyar da ta wuce bayan barcin dare ɗaya ba abin tsoro ba ce. Amma dishewar da ta kai mako uku, ko muryar da ta yanke farat ɗaya ana tsakiyar kira, ko zafi wajen haɗiya, ko jini a cikin kaki, waɗannan na likita ne, ya leƙa ya gani da idonsa. Kafin nan a bar kiran.

Roƙona na ƙarshe ga kwamitocin masallatai ne. Ku gyara lasifika yadda ladan zai riƙa jin muryarsa, domin wanda ba ya jin kansa ƙara ƙarfi yake yi ba tare da ya sani ba. Ku kuma naɗa masa na'ibi tun kafin azumi, wanda zai karɓi kira ɗaya ko biyu a rana, ya kuma riƙe duka biyar ɗin ranar da mura ta kama shi.

Wassalam.

Naku,
Wani ladan mai karanta jaridarku.