Wasiƙa ga ɗana a kan sanyin da ya yi wa aiki

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali. Mahaifiyarka ta faɗa mini yanzu sai goma da rabi kake shiga ofis, ka sa hannu a rajista, ana sallar azahar ka zame. Wai ka ce iya kuɗinsu, iya shagalinsu.

Ban ga laifin fushinka ba. A ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikaci daga mataki na 07 zuwa na 14 shekara 3 yake yi kafin a duba ƙarin girmansa. Kai ka wuce haka nesa a mataki na 08, da takardar ƙarin girma zuwa 09 ta fito kuma albashi bai motsa ba. Ga kuɗin mota tun cire tallafin mai a 2023. Saboda haka in ka daina zaman bayan tashi, ka daina kai aikin ofis gida ko sayen takarda da kuɗin aljihunka, ba ni da ta cewa. Wannan kyauta ce kake yi, kana da ikon janye ta.

Fayil ɗin da ke kwana a teburinka kuwa daban ne. Darakta bai san yana nan ba, albashinsa kuma yana shiga. Wanda ya sani shi ne tsohon malamin firamaren da ya biyo mota daga ƙauye neman kuɗin sallamarsa, ya wuni a benci riƙe da ambulan, ka ce masa ya dawo mako mai zuwa alhali layi biyu kawai za ka rubuta. Haushin kaza ke nan ake hucewa a kan dami, haƙƙinsa kuma yana wuyanka. Ka lura da kanka: ranar da ka faɗi “a dawo gobe” ba ka ji komai a ranka ba, ko sabon ma'aikaci ya tambaye ka abu ka ce masa aikin gwamnati ba ya ƙarewa, to abin ya wuce gajiya.

Kuma kana sarar kanka. Takardar auna ƙwazo da shugabanka ke cikewa duk shekara tana cikin abin da za a buɗe in an zo maganar mataki na 10, takardar tuhuma kan makara kuwa ba ta fita daga fayil.

Kuɗinka ka bi shi a rubuce, ƙorafin gindin bishiya ba ya shiga fayil. Rubuta wa babban sakatare ta hannun shugaban sashenka, ka haɗa kwafin takardar ƙarin girman da takardar albashin watan ƙarshe. A buga maka hatimin karɓa a naka kwafin, da kwanan wata. Sannan ka je sashen albashi ka tambaya ko takardar canjin albashinka ta iso gare su, don sau da yawa a wurin take maƙalewa. In shiru ya yi yawa, ka tura tunatarwa, ka ba sakataren ƙungiyarku kwafi.

In zuciyarka ta fita daga wurin gaba ɗaya, nemi canjin ma'aikata ko hutun ƙaro karatu, mu yi shawara in ka zo. Ka taho da takardun in duba. A gaida mai ɗakinka da yara.

Mahaifinka