Rahoton Ayyukan Shekara Daga Teburin Sakatare

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa masu shagunan kwamfuta da buga takardu na cikin garin Gombe.

Mun yi zaman wata-wata sau goma a bana, biyu sun faɗo cikin azumi da Sallah aka ɗage su. Abin da aka tattauna yana cikin littafin minti ga mai son dubawa.

Zan fara da kuɗi, domin shi ne ya ɗaure mana hannu. Mu 46 ne a rajista, kowa da naira 1,000 a wata, ke nan ya kamata naira 552,000 ta shiga asusu. Abin da ma'aji ya karɓa naira 300,000 ne, kuma mutum 17 kaɗai suka biya shekara cikakkiya. Ni da shi mun bi shaguna daga Tudun Wada zuwa Pantami da Jekadafari, wani a ce ya fita, wani ya ce a dawo gobe. Masu tambaya a zaure ina sikanar da aka yi alkawari, ga amsarku nan: ba a saya ba saboda ba ku biya ba. Babu wanda ya ci kuɗin kowa, rasitan suna hannun ma'aji.

Abin da ya faranta mana rai a bana shi ne bitar da muka yi bayan babbar Sallah a kan karanta rubutun hannu da manhaja. Kun san mafarin zancen. Ɗalibi ya kawo furojet da ya rubuta da biro, ko dattijo ya kawo tsohuwar takardar cinikin gona, wasunmu su ɗauki hoto da waya su ba manhaja, ta fito da shirme, abokin ciniki ya dawo da faɗa. Alhali in takardar bugaggiya ce, manhajar nan ɗaya tana karanta ta kusan babu kuskure. Muka ce sai mun gano dalili.

Wani babanmu, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, ya ba mu aron littattafansa guda uku, shafi 210, inda ya rubuta tarihin garinsu da haɗaɗɗen rubutun nan na mutanen da, wanda alƙalami ba ya tashi daga takarda sai kalma ta ƙare. Da izininsa muka yi aikin. Mun ɗauki shafi ɗaya mai haruffa 1,200, muka buga shi da hannu, muka fitar a firinta, sannan muka ba Tesseract, manhajar karanta rubutu daga hoto, bugaggen da kuma na asalin. A bugaggen, kuskuren kaɗan ne, kusan duk a ƙ da ɗ da ɓ. A na Baba kuwa mun ƙirga kuskure 420, wato harafi 35 cikin kowane 100. Gyara wannan ya fi sake bugawa wahala.

Ga abin da muka nuna a allo ranar. A bugaggen rubutu akwai ɗan farin fili tsakanin harafi da harafi, kuma kowane "a" a shafin kamarsa ɗaya da ɗan uwansa. Manhaja tana ganin inda harafi ya fara da inda ya ƙare. A haɗaɗɗen rubutu babu wannan filin, tawada ce ɗaya a miƙe. Kafin ka san inda za ka yanka sai ka san kalmar, kafin ka san kalmar kuma sai ka yanka. Wani masani mai suna Kenneth Sayre ya bayyana wannan sarƙaƙiya tun 1973, har yau da sunansa ake kiranta.

Aka rubuta "mummunan" a allo da haɗi, aka ce kowa ya ƙirga ƙafafun da ke cikin haruffa shida na farko. Kowane m yana da uku, u da n biyu-biyu, jimla ƙafa 15 a jere kamar haƙoran zarto. Mu da muka san kalmar nan take muke karantawa, amma wanda bai san Hausa ba ba shi da hanyar sanin ko ƙafa ta huɗu ta u ce ko ta wani m. Haka r da n idan suka manne suke zama m, shi ya sa "birni" ya fito "bimi" sau da yawa a shafin Baba. Sannan a hannun Baba, bambancin o da a bai wuce inda jelar harafin ta fita ba: ta o daga sama, ta a daga ƙasa. In ya yi sauri sai jelar ta faɗo tsakiya.

Mu Hausawa muna da ƙarin tamu matsalar. Lanƙwasar da ke bambanta ƙ da k, ko ɓ da b, a sama take, daidai inda mai haɗaɗɗen rubutu yake yi wa k da b zobe. Sai lanƙwasar ta ɓace cikin zoben, "baƙi" ya koma "baki", "ƙasa" ta koma "kasa". Bugu da ƙari, jelar g da y ta layin sama tana saukowa ta taɓa kan h da k na layin ƙasa, manhaja ta haɗa layi biyu ta ɗauka ɗaya ne.

Wani ɗan uwa ya tambaya, ai an ce sabuwar Tesseract, tun daga ta 4, layi guda take karantawa ba harafi-harafi ba. Gaskiya ne. Sai dai abin da aka koyar da ita da shi bugaggen rubutu ne, ba ta saba da hannun mutum ba. Hanyar karanta layi gaba ɗaya ita ce mafitar sarƙaƙiyar yanka, amma sai an nuna wa manhajar dubban layuka na irin hannun da za ta karanta, kowane layi da abin da ke rubuce a cikinsa.

Wannan ne aikin da mutum tara suka yi cikin mako biyar kafin bitar, kuma ina son kowa ya san su tara ne cikin 46. Da farko hoto. Mun ari sikana, muka riƙa ɗaukar shafuka a 300 dpi. Takardar Baba ta yi laushi har rubutun baya yana leƙowa, sai muka riƙa sa baƙar takarda a bayan shafin, inuwar ta ragu sosai. Daga nan muka ɗora hotunan a Transkribus, wadda aka yi domin rubutun hannu. Ita da kanta take ja wa kowane layi zare a ƙarƙashinsa, amma dole mutum ya bi ya duba, domin inda Baba ya cusa kalma a saman layi ko ya yi rubutu a gefe, zaren yana karkacewa. In zaren ya karkace, duk abin da aka koya mata a wannan layin ɓata ne.

Sai bugawa. Masu manhajar suna ba da shawarar kalma 5,000 zuwa 15,000 domin hannun mutum ɗaya. Mun buga shafi 60, kimanin kalma 12,000. A nan muka yi kuskuren da ya ci mana mako guda: wasu suna gyara wa Baba rubutu, in ya rubuta "ce wa" su buga "cewa", in bai sa lanƙwasa ba su sa masa. Manhaja kuwa hoto take gwadawa da abin da aka buga, in sun saɓa sai ta rikice. Muka koma muka tsayar da doka ɗaya: abin da ido ya gani shi hannu zai buga, gyaran ƙa'ida sai daga baya. Shafi 54 aka koyar da ita da su, 6 aka ajiye gefe ba ta gan su ba, domin da su za a gwada ta. Wanda ya gwada ta da shafin da ta riga ta koya, kansa yake ruɗi.

Ranar bita, a gaban mutum 31 har da baƙi daga Kumo da Bajoga, aka sa mata shafin nan na farko, wanda yana cikin shidan da aka ajiye. Kuskure ya sauko daga 420 zuwa 96, harafi 8 cikin 100. Ɗakin ya ɗauki kabbara. Baba da kansa ya tashi ya zo gaban allo yana bin layukan da sanda, ya ce, "'Ya'yana, ashe abin nan zai iya karanta hannuna, jikokina ma sun kasa." Shugaba ya ce, "Baba, ku ne kuka koya masa, mu bugawa kawai muka yi." Matan ƙungiya su suka ɗauki nauyin abinci daga aljihunsu, wani ɗan uwa ya kawo janaretonsa da mansa da aka ɗauke wuta. Allah Ya saka musu da alheri.

Amma kada murna ta rufe mana ido. Harafi 8 cikin 100 yana nufin kusan kalma ɗaya cikin uku ko huɗu tana da tabo. Kuma kuskuren yanzu ya fi na da haɗari, domin na da shirme ne kowa yana gani, na yanzu kuwa kalma ce ta Hausa sumul. Manhajar ta saba ganin "kuma" da "dukka" ɗaruruwan lokuta, don haka inda Baba ya rubuta Kumo sai ta ba da "Kuma", Dukku ta koma "Dukka". Abin da bai cika zuwa ba shi take ja zuwa ga abin da ta saba, wato sunayen mutane da garuruwa da lambobi, su ne kuwa ran takardar gona ko ta gado. Saboda haka muka amince: duk suna da duk lamba, mutum biyu za su duba, ɗaya yana karanta asalin da ƙarfi, ɗaya yana bin allo.

Kada kuma wani ya ɗauka abin da ta koya daga hannun Baba zai yi aiki a kan na kowa. Mun gwada da wasiƙar wani daban, kuskure ya koma sama. Ga furojet mai shafi 40 na ɗalibin da ba zai sake dawowa ba, bugawa da hannu ta fi sauƙi. Koyar da manhaja na tarin takardu ne na hannu ɗaya. In kuma fom za ku tsara wa makaranta ko wata ƙungiya, ku sa akwatuna, kowane harafi da nasa, a rubuta da manyan baƙaƙe. Akwatin shi ne yankan da manhaja ta kasa yi da kanta.

Littafin Baba bai kammalu ba. Saura shafi 150, manhaja ta karanta 70 daga ciki amma ba a duba ba, 80 kuma ko hoto ba a ɗauka ba tun da mai sikana ya karɓi abinsa. Shafukan kyauta a manhajar suna da iyaka, ƙari sai an biya, ga kuɗin data. An ce mun yi sanyi, ba sanyi muka yi ba: mutum tara ba za su rufe shagunansu su yi aikin mutum 46 ba. Batun takardun ajami da aka kawo a zaman watan uku ko farawa ba mu yi ba, domin can kusan duk rubutun haɗe yake, harafi ɗaya yana iya ɗaukar siffa huɗu, ga ɗigo da wasula, sai mun sami malamin da zai zauna da mu yana karantawa.

Abin da ya fi ci mini rai, wasu da ba su zo bita ba kuma ba su biya ko wata ɗaya ba su ne suka fara kira a tura musu abin da aka koya. Shugabanni sun yanke cewa daga zaman farko na sabuwar shekara, duk wanda ake binsa wata shida ba zai yi zaɓe ba, kuma ba za a ba shi aron sikana ba in Allah Ya sa an saya. Ma'aji zai zo da jerin bashi a wannan zaman, za a kuma raba shafuka 70 ɗin da ke jiran dubawa, goma-goma ga kowane mutum biyu. Mai so ya ba ni sunansa kafin ranar.

Wassalam,
Sakatare