Zuwa ga ƙanwata mai neman aiki: ki ba su labarin rana ɗaya

"Yaya, a takardar neman aiki an ce in rubuta sakin layi ɗaya kan wata matsala da na taɓa warwarewa a wurin aiki. Shekara biyu kacal na yi a ƙaramin asibiti, ban taɓa yin wani abin a-zo-a-gani ba. Me zan rubuta?"

Ƙanwata,

Wanda zai karanta takardarki yana da tari a gabansa, kusan kowace tana cewa "ni mai ƙwazo ce, mai haƙuri." Wadda ke tsayar da idonsa ita ce wadda ta nuna masa rana ɗaya da abin da hannun mai ita ya yi. Ga irin wanda na rubuta daga aikina a wani asibitin ƙauye:

"Wata safiya a watan Afrilu na duba ma'aunin firjin rigakafi na tarar da maki 11, alhali dole ya tsaya tsakanin 2 da 8. Na kwashe alluran zuwa akwatin sanyi, na duba alamar zafi da ke jikin kowace kwalba, babu wadda ta lalace. Sai na sa takarda a bakin ƙofar firjin na rufe; da na ja ta, ta zare ba gardama, na gane robar ƙofar ce ta saki. Na sanar da jami'in ƙaramar hukuma, aka canza ta cikin kwana biyu. Tun daga nan duk Litinin muke wannan gwajin."

Kin ga ban fara da tarihin asibitin ba. Nan ne da yawa suke ɓata fili: sai rabin sakin layin ya tafi a shimfiɗa, labarin ya zo a gurguje. Jimla ɗaya ta ishi matsalar, amma ki sa mata lamba, domin "maki 11" ya fi "firji ya lalace" nauyi. Mafi yawan layukan ki ba wa abin da kika lura da shi da abin da kika yi, musamman yadda kika gano musabbabin. Gwajin takardar nan shi ne ya nuna na yi tunani.

Na san an tarbiyyantar da mu kada mu yabi kanmu, shi ya sa bakinmu ya fi sabawa da "mun yi." Amma inda ke kika yi, ki ce "na yi." Inda wani ya taimaka, ki faɗa, kamar yadda na ambaci jami'in. Kada ki ɗora laifi a kan abokin aiki, kada kuma ki kama sunan majinyaci.

Ina roƙonki kada ki ƙara gishiri. A wurin intabiyu za su tambaye ki wace allura ce a ciki, ƙarfe nawa ne, wa kika kira, kuma wanda ya ƙirƙiro labari a nan yake fara in-ina. Kafin ki tura, ki karanta wa abokiyar aikin da ke wurin ranar. In ta ce ba haka aka yi ba, ki gyara.

Allah Ya sa a dace.

Yayarki