Harajin da aka jinkirta ba kyauta ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a shafinku na kasuwanci saboda 'yan uwanmu masu kamfanonin tireloli da tankoki a Apapa da Agege. Da yawansu idan akanta ya kawo lissafin ƙarshen shekara suka ga layin "harajin da aka jinkirta" a cikin basussuka, sai hankalinsu ya tashi. Wasu kuma gani suke yi sun sami sauƙi, har su raba kuɗin a matsayin riba. Wannan na biyun shi ya fi damuna.

A ce kamfani ya sayi tirela a kan naira miliyan 80, yana sa ran za ta yi aikin shekara 8. Akanta zai riƙa rage darajarta da miliyan 10 duk shekara a littafi. Hukumar haraji ba ta bin wannan lissafin, tana da nata rangwamen a kan kayan aiki. Mu ɗauka ta yarda a cire kashi 25 cikin 100 a shekara, wato miliyan 20. Ribar da za a yanka wa haraji ta ragu ke nan da miliyan 10 a kan ribar littafi. Idan harajin kashi 30 ne, miliyan 3 sun tsaya a hannun Alhaji a bana.

To amma tirelar ɗaya ce, kuma miliyan 80 ɗin nan sau ɗaya za a cire su ta kowace hanya aka bi. Cikin shekara 4 rangwamen ya ƙare, miliyan 12 sun taru. Daga shekara ta biyar littafi zai ci gaba da rage miliyan 10, hukuma kuwa ba abin da za ta ƙara cirewa, sai harajin ya hau da miliyan 3 duk shekara har a mayar da abin da ya taru. A lokacin kuma motar ta fara cin kuɗin gareji. Shi ya sa ƙa'idar akantoci ta duniya mai suna IAS 12 ta ce a rubuta harajin da aka jinkirta a matsayin bashi tun daga farko.

Mai kamfani zai iya dubawa da kansa. A ƙarshen shekara ta biyu darajar tirelar a littafi miliyan 60 ce, a wurin hukuma saura 40. Kashi 30 na tazarar miliyan 20 shi ne miliyan 6, kuma shi ya kamata a gani a wancan layin.

Wanda yake sayen sababbin motoci a kai a kai zai ga adadin ba ya sauka, domin sabon rangwame yana rufe wanda ya ƙare, har ya ɗauka ba za a taɓa biya ba. Ranar da ya daina saye, ko ya sayar da mota sama da darajar da ta rage mata a wurin hukuma, harajin zai taso. Don Allah alhazai, kafin a raba riba a tambayi akanta nawa ne zai dawo a baɗi.

Naku,
Wani akanta, Agege, Legas