Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Sana'o'in Lokaci

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi, maza da mata.

A madadin shugaba da kwamitin gudanarwa, ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ke ƙarewa da abin da ke gabanmu. Yawancinmu masu ɗinki ne, da masu sayar da kayan makaranta da takalma, da masu ba da hayar kujeru da rumfunan biki. Abin da ya haɗa mu shi ne cinikinmu ba ya zuwa daidai wa daida. Makonni kaɗan ne ke ɗauke da nauyin shekara gaba ɗaya, kuma wanda ya makara da shiri a waɗannan makonni sai ya jira wani zagayen. Don haka kusan duk aikin kwamiti a bana ya tafi ne kan abu ɗaya, wato mu koyi ƙirga lokaci daga ranar kasuwa zuwa baya, mu daina jira sai mun ga jama'a sun cika ƙofar shago.

Mun fara da kalanda. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya kuma 365, saboda haka kowace shekara Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11. A 2024 an yi Ƙaramar Sallah wajen 10 ga Afrilu, a 2025 ta faɗo a ƙarshen Maris, Babbar Sallah kuma a makon farko na Yuni. Komawa makaranta ba ta motsawa haka, tana nan a watanninta. Wannan ne ya sa lissafin da ya yi wa mutum daidai bara yake iya ba shi kunya bana. Mun buga takarda mai shafi ɗaya da ke nuna kowace ranar kasuwa, da ranar da ya kamata a sari kaya, da ranar da za a rufe karɓar aiki, muka raba wa kowa a taron farkon shekara. Waɗanda suka manna ta a bangon shago sun shaida mana ta yi musu amfani.

Horon da ya fi jan mutane shi ne na masu ɗinki, kuma ina so in maimaita lissafinsa a nan domin waɗanda ba su samu zuwa ba. A ɗauki shago mai keke uku, kowane tela yana haɗa kaya biyu a rana. Mai shagon zai ce yana fitar da shida kullum. To amma mutum ɗaya ne ke kammalawa, shi ke sa maɓalli, ya yanke zare, ya yi guga, ya naɗe, kuma ba ya wuce biyar a rana. Ƙarfin shagon ke nan biyar, domin kayan da ba a kammala ba ba a miƙa wa mai shi. Idan saura mako shida a yi Sallah, ana aiki kwana shida a mako, akwai kwana 36. A cire shida domin lalacewar keke, rashin lafiya, da kayan da za a dawo da su a rage ko a ƙara. Saura kwana 30, a ninka da biyar, kaya 150 ke nan. Da zarar littafi ya kai wannan adadi sai a rufe shi. Wanda ya karɓi 200 ya ɗauko aikin kwana goma da babu su a kalanda, kuma daga nan ne ake samun kwanan shago, ɗinkin gaggawa mai warwarewa, da kwastoman da zai tafi ba zai sake dawowa ba.

Akwai alamar da ke nuna an fara nutsewa tun kafin abin ya bayyana. A duba tulin kayan da aka ɗinka ba a kammala ba. Idan yana ƙaruwa kwana uku a jere, ƙarin tela ba zai magance komai ba, sai ma ya ƙara tsawon tulin. Hannu ake nema a wurin kammalawa. A misalin da muka kawo, ɗaukar yaro ɗaya mai guga da naɗi zai ɗaga shagon daga biyar zuwa shida, wato kaya 180 a kwanaki 30 ɗin nan, ba tare da an sayi sabon keke ba. Wasu mambobi sun gwada haka kafin Babbar Sallah, kuma ƙorafin saɓa alkawari da ke zuwa gaban kwamitin sulhu ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da na Ƙarama.

Masu sayar da kaya kuwa damuwarsu daban ce: nawa za a saro? Idan ya yi kaɗan a yi ta mayar da masu saye, idan ya yi yawa ya yi kwantai. Abin da muka koyar shi ne a auna asara biyun nan kafin a tafi sari. A ce duk ɗari da ka zuba tana dawo da 130, riba 30 ke nan. Idan kayan makaranta ne, kamar yunifom da safa da littattafan rubutu, wanda ya rage zai jira zango mai zuwa. Asararsa ita ce kuɗin da ya kwanta da wurin ajiya, a ce 10. Sai a raba ribar da jimlar riba da asara, wato 30 cikin 40, kashi uku cikin huɗu. Ma'anarsa a saro adadin da zai ishe ka a zango uku cikin huɗu. Idan littafinka ya nuna ka sayar da 80, da 100, da 120, da 140 a zagaye huɗu da suka wuce, sari 120.

Takalmin yayi na Sallah kuwa, da rana ta wuce darajarsa ta faɗi. Abin da ka saya ɗari wataƙila sai ka karyar da shi a 60, asara 40. Yanzu lissafin ya zama 30 cikin 70, bai kai rabi ba. Da irin wancan tarihin ciniki, kada ka wuce 100. Riba ɗaya ce a kan kayan biyu, amma sarin ya bambanta, kuma a ganina wannan ne darasin da ya fi kowane tsada a bana, domin da yawanmu mun saba cika shago da abin da ya fi ɗaukar ido, alhali shi ne ya fi saurin mutuwa a hannu.

Lissafin yana da iyakarsa, kuma mun faɗa a wurin horon. Littafi yana nuna abin da ka sayar ne kawai, ba ya nuna mutanen da suka zo kaya ya ƙare. Shi ya sa muka roƙi kowa ya ware shafi yana sa alama duk lokacin da ya ce wa wani babu, tare da lambar girman da aka nema. Haka kuma yunifom yana jira ne muddin makaranta ba ta sauya launi ko baji ba. Ranar da ta sauya, ya koma sahun kayan yayi. Kafin a yanka yadi da yawa, a je a tambayi hukumar makarantar.

Batun asusun lamuni shi ne inda muka samu cikas. Tsarin da kuka amince da shi shi ne a ba da rance marar ruwa mako goma kafin ranar kasuwa, lokacin da kaya bai yi tsada ba kuma akwai zaɓi, a dawo da shi mako biyu bayanta. Kafin Ƙaramar Sallah abin ya tafi daidai. Amma tsakanin Sallah biyu kwana 70 ne kacal ko kusa da haka, mako goma ke nan cif. Ko da kowa ya biya a kan lokaci, mako takwas ne zai rage wa masu jiran zagaye na biyu. Sai kuma wasu suka makara, ba don ciniki bai yi ba, sai don sun ba da kaya bashi, kuɗinsu yana hannun mutane. Sakamakon haka 'yan'uwa da dama sun karɓi nasu rancen a ƙurarren lokaci, bayan farashi ya riga ya tashi. Kwamiti yana ba da shawarar a raba asusun gida biyu, kowace Sallah da nata kaso, sannan duk mai karɓar rance ya yi alkawarin ba zai fara aikin kowa ba sai ya karɓi kafin alƙalami da zai biya kuɗin kayan aiki. Za a kaɗa ƙuri'a a kan wannan a babban taro.

Masu hayar kayan biki sun buɗe rajista ta haɗin gwiwa a bana. Littattafansu sun nuna bukukuwan aure suna taruwa a makonnin da ke gaban azumi, da bayan kowace Sallah, da lokutan hutun makaranta. Abin da rajistar ta gyara shi ne ƙirga kwanaki. Biki na yini ɗaya yana riƙe kaya kwana uku: ranar kaiwa da kafawa, ranar bikin, da ranar kwasowa da wankewa. Mai kujera 300 da ya karɓi bikin Asabar mai buƙatar 200 ba shi da 300 ranar Lahadi, 100 gare shi. Yanzu idan aiki ya fi ƙarfin mutum yana miƙa ragowar ga ɗan'uwansa ta rajistar, a raba kuɗin bisa yawan kayan da kowa ya fitar. Har yanzu ba mu daidaita kan wanda zai biya kayan da suka karye a aikin haɗin gwiwa ba, kuma ya kamata a rubuta ƙa'ida kafin bukukuwan da ke tafe.

Horon da muka shirya kan ajiyar kaya da kare su daga danshi da ƙwari bai samu ba, saboda ranarsa ta faɗo cikin makon komawa makaranta. Mun ɗage shi zuwa bayan Babbar Sallah mai zuwa.

Shekarar 2026 tana buƙatar a farka da wuri. Ana sa ran fara azumi wajen 18 ko 19 ga Fabrairu, Ƙaramar Sallah wajen 20 ga Maris, Babba kuma wajen 27 ga Mayu, gwargwadon ganin wata. Idan aka ƙirga mako goma baya daga 20 ga Maris, za a sauka a 9 ga Janairu. Wato lokacin sarin kayan Sallah zai zo daidai da komawar yara makaranta bayan hutun ƙarshen shekara, sa'ad da jarin masu kayan makaranta ke kwance a kanta, mu kanmu kuma muna biyan kuɗin karatun 'ya'yanmu, ga bukukuwan gabanin azumi suna biye. Asusun ba zai ɗauki kowa a lokaci ɗaya ba. Saboda haka duk mai son rancen zagayen farko ya kawo takardarsa ga ma'aji kafin ƙarshen Disamba, haɗe da littafin cinikinsa na zagayen da suka wuce da lissafin adadin da yake shirin sarowa ko ɗinkawa. Wanda bai iya lissafin ba ya same ni ko wani ɗan kwamiti bayan taro mu zauna mu yi tare.

Allah Ya sa wa kasuwarmu albarka.

Sakataren Ƙungiya,
a madadin kwamitin gudanarwa