Gwajin HbA1c ba ya faɗin gaskiya ga kowane jini

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafinku na lafiya domin in ja hankalin masu ciwon sukari da masu duba su a kan gwajin da ake kira HbA1c, wanda jama'a suka fi sani da gwajin sukari na wata uku. Gwaji ne mai amfani, kuma ya kamata a ci gaba da yin sa. Damuwata ita ce yadda ake karɓar lambar da ta fito kamar yankan wuƙa, ba tare da an tambayi wane irin jini aka auna ba. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake ɗauke da AS, ga maleriya, ga ƙarancin jini ya yi katutu a tsakanin mata, wannan tambayar ba ta tsallakuwa.

Gwajin ba ya auna sukarin da ke yawo a jini a lokacin da aka ɗebi jinin. Abin da yake aunawa shi ne yawan himogulobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda sukari ya manne masa. Idan sukari ya manne, ba ya saki har ƙwayar ta mutu. Jar ƙwayar jini tana yin kimanin kwana 120 a jikin mai lafiya, shi ya sa lambar take nuna yadda sukari ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma watan ƙarshe ya fi sauran nauyi a lissafin. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da shi wajen gano ciwon sukari, inda kashi 6.5 zuwa sama yake nuna ciwon. Amma duk wannan lissafi ya tsaya ne a kan sharaɗi biyu: ƙwayoyin jinin su cika kwanakinsu, kuma himogulobin ɗin ya kasance irin wanda na'urar ta sani. Idan ɗaya ya rushe, lambar ta karkace.

Idan ƙwayoyin jini suna mutuwa da wuri, sukari bai samu lokacin manne musu ba, sai lambar ta fito ƙasa da gaskiya. Haka yake faruwa ga wanda maleriya ta farfasa wa jini, da wanda ya zubar da jini wajen haihuwa ko haɗari ko tiyata, da mai ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ke kare jajayen ƙwayoyin jini, idan wani magani ya taɓa shi, da mai ciwon ƙoda da ake yi wa allurar ƙara jini. Wanda aka yi wa ƙarin jini kuwa, wani ɓangare na abin da aka auna jinin wani ne. Juna biyu ma yana saukar da lambar, shi ya sa ba a dogara da ita wajen gano sukarin masu ciki.

Ƙarancin jinin da rashin sinadarin ayon ke kawowa shi kuma akasin haka yake yi. Ɓargo ba ya ƙera sababbin ƙwayoyi da sauri, tsofaffi sun fi yawa a jini, sai lambar ta hau sama da gaskiya. Wannan shi ne ya fi yawa a asibitocinmu: matar da jinin al'ada yake yi mata yawa, wadda ta yi haihuwa kusa da kusa, mai tsutsar ciki, mai basir da ke zubar da jini a hankali. Irin wannan matar za ta iya zuwa da 6.5 ko 6.6 alhali sukarinta na safe lafiya ƙalau yake. Idan aka ɗora ta a kan magani saboda wannan lamba kaɗai, an ɗora mata ciwon da ba ta da shi, an kuma bar wanda take da shi. Da zarar ta fara shan maganin ƙarin jini, lambar takan sauka ko da ba ta canja komai a abincinta ba. Saboda haka jin cewa mutum yana da ƙarancin jini bai isa ba. Sai an san irinsa kafin a san ɓangaren da lambar ta karkata.

Sai maganar sikila, kuma a nan ake yawan cuɗa abu biyu da ya kamata a raba. Mai SS ba shi da himogulobin A, wato irin wanda gwajin yake aunawa, ko kaɗan, sai dai in an ƙara masa jini, kuma ƙwayoyin jininsa kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi. Gwajin HbA1c ba shi da ma'ana a kansa, ko wace na'ura aka yi amfani da ita. Haka ma mai SC da mai CC, inda C wani nau'in himogulobin ne da ake gado kamar S. Duk takardar da ta ba mai SS lamba, a ajiye ta gefe.

Mai AS daban yake. Ba shi da ƙarancin jini saboda AS ɗin, kuma ƙwayoyinsa suna kusan cika kwanakinsu. Matsalarsa ta fi zuwa daga na'urar. Sukari yana mannewa ne a bakin wani zare na himogulobin, kuma canjin da ya haifar da S da C yana wuri na shida a kan wannan zaren, wato dab da inda wasu na'urori suke dubawa. Na'urorin da ke gane wurin ta hanyar sinadarin da ke kama shi, wasunsu sukan ruɗe su ba da lamba sama ko ƙasa. Na'urar HPLC tana raba nau'o'in himogulobin ne ɗaya bayan ɗaya, ta zana su a takarda kamar tuddai, kuma ma'aikacin da ya san aikinsa zai ga tudun S a fili, in dai ya duba zanen bai tsaya a lambar ba. Yawancin sababbin na'urori sun shawo kan S da C, amma ba duka ba. Shirin NGSP na Amurka, wanda ke daidaita wannan gwaji, yana da jeri a shafinsa da ke nuna wace na'ura ce S ko C ke ruɗawa. Kowane ɗakin gwaji zai iya duba sunan tasa a ciki cikin minti biyar. Batun C kuwa ya fi shafar 'yan uwanmu na arewacin Gana da Burkina Faso, inda AC ya yawaita.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017 a kan baƙaƙen fata ya gano cewa masu AS suna da HbA1c ƙasa da na masu AA da kusan ɗigo 0.3, ko da sukarinsu na safe ɗaya ne. Masana sun yi ta muhawara ko laifin na'urar da aka yi amfani da ita ne ko kuwa ƙwayoyin mai AS ne suke ɗan gajarta kwana. A aikace, ga wanda lambarsa ta kai 10, ɗigo 0.3 ba ya canja komai. Ga wanda ya fito da 6.2 kuwa, shi ne tsakanin a ce masa yana da ciwon da a sallame shi.

Mu ɗauki misali. Magidanci ne mai shekara 52, yana da ciwon sukari, yana shan metfomin, kuma AS ne. Takardarsa ta nuna 6.4, wanda a ido ya yi kyau. Amma yana tashi fitsari sau uku da dare, kuma littafin da yake rubuta gwajin yatsa na mako biyu ya nuna 8 zuwa 9 da safe kafin karin kumallo, 12 zuwa 13 bayan cin abinci da awa biyu, duk a ma'aunin mmol/L. Akwai lissafin da ke mayar da HbA1c zuwa matsakaicin sukari:

```
mg/dL = 28.7 × HbA1c − 46.7
mmol/L = mg/dL ÷ 18
```

Da wannan, 6.4 yana nufin kimanin 137 mg/dL, wato 7.6. Amma ko sukarinsa na safe, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a littafin, ya wuce 7.6. Matsakaicinsa ya fi kusa da 10, kuma mai 10 ana sa ran HbA1c ɗinsa ya kai wajen 8. Tazarar ɗigo ɗaya da rabi ta fi ƙarfin AS shi kaɗai, don haka kada likita ya ce ai AS ne ya rufe fayil. Da farko a tabbatar na'urar yatsan ba ta yi ƙarya ba: a duba ko sitirif ɗin ya lalace saboda zafi ko wa'adinsa ya wuce, a kuma ɗebi jinin jijiya da safe a gwada. Idan wannan ya fito 8.6, littafin ya yi gaskiya. Sai a tambaye shi abin da ya same shi a wata ukun nan, a duba PCV, wato gwajin yawan jajayen ƙwayoyi a jini. A ce ya fito 29, kuma ya tuna an kwantar da shi da maleriya mai tsanani mako biyar da suka wuce har aka ƙara masa leda ɗaya. An gano bakin zaren. Jininsa cike yake da sababbin ƙwayoyi da na aro. Za a gyara maganinsa bisa gwajin yatsa, a bi sawun ƙarancin jinin, kuma kada a maimaita HbA1c sai bayan kimanin wata uku da ƙarin jinin.

Inda HbA1c ba zai yi ba, sai a koma ga auna sukarin kai tsaye. Gwajin safe bayan awa takwas ba ci, 7.0 zuwa sama yana nuna ciwon. Ko a sha giram 75 na gulukos a ruwa a auna bayan awa biyu, inda 11.1 ce iyaka. Wanda ba shi da alamun ciwon, a maimaita masa wata rana kafin a yanke hukunci. A nan ma akwai tarko: jinin da aka bari a kwalba a kan tebur, ƙwayoyinsa suna ci gaba da cin sukarin, har ya ragu da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari kowace awa. A ɗeba a kwalba mai murfi ruwan toka, a kai ɗakin gwaji da wuri. Akwai kuma gwajin furuktosamin, wanda ke auna sukarin da ya manne wa furotin na ruwan jini, ya nuna mako biyu zuwa uku. Bai damu da S ko C ba, amma yakan karkace ga mai zubar da furotin a fitsari ko mai ciwon hanta, kuma ba kowane gari ake samunsa ba.

Roƙona ga ɗakunan gwaji shi ne su riƙa rubuta sunan na'urar da suka yi amfani da ita a kan takardar sakamako, su kuma sa alama idan sun ga tudun S ko C. Likitoci su rubuta jinotayif da PCV a takardar neman gwajin. Mai ciwon sukari kuma, tunda da yawa yanzu sun san jinotayif ɗinsu ta gwajin kafin aure, ya faɗa da bakinsa ko ba a tambaye shi ba, ya ambaci ƙarin jini ko maleriya ko maganin ƙarin jini da ya sha kwanan nan, ya kuma riƙe littafin gwajin yatsansa duk ranar da zai je ganin likita.

Na gode.

Daga wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajen jini, Kano