Zuwa ga mai ciwon kan da ke tashi kullum da yamma

"Likita, shekarata 34, aikina a gaban kwamfuta ne daga safe zuwa yamma. Wata huɗu ke nan kusan kullum kaina na ciwo bayan azahar, goshi da ƙeya, sai na sha farasitamol biyu yake lafawa. An auna jinina an ce bai hau ba. Ina tsoron ko ƙari ne a ƙwaƙwalwa. In je a yi mini hoton kai?"

Malama, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Ban duba ki ba, saboda haka wasiƙa ba za ta maye gurbin zuwa asibiti ba. Amma abin da kika bayyana ya fi kama da ciwon kan da gajiya da ɗaurewar tsoka ke kawowa, wanda shi ne ya fi kowane irin ciwon kai yawa a duniya. Yana kama ɓangarorin kai biyu, mutum ya ji kamar an ɗaure masa kai tamau da igiya, ba ya sa amai, kuma tafiya ko hawa bene ba sa ƙara shi. Yakan ɗauki daga minti 30 har zuwa kwanaki. Ya bambanta da ciwon ɓarin kai, wanda galibi gefe ɗaya yake kamawa yana bugawa, da tashin zuciya da ƙin haske da ƙin hayaniya, ya yi awa 4 zuwa 72, har mutum ya nemi ɗaki mai duhu ya kwanta.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, mu ba da tsananin zafi kaɗai muke auna haɗarin ciwon kai ba. Abu uku muke tambaya: yaya ya fara, me ya zo tare da shi, kuma ya sauya kama daga yadda aka saba ko bai sauya ba. Ƙwaƙwalwa ita kanta ba ta jin zafi. Fatar da ta lulluɓe ta, jijiyoyin jini, tsokar wuya da ta fatar kai su ne ke aiko da raɗaɗin. Shi ya sa ciwon da ba shi da haɗari kan iya kwantar da mutum yini guda, wani mai haɗari kuwa ya fara da ɗan nauyin kai. Ƙari a ƙwaƙwalwa ba kasafai yake bayyana da ciwon kai shi kaɗai ba. Yakan zo da amai, ko farfaɗiya, ko raunin hannu ko ƙafa, ko canjin hali, kuma ciwon yana ƙaruwa mako bayan mako, ya fi tsananta da asuba ko idan an kwanta. Naki da ke jiran yamma ya tashi, ya kwanta bayan kin sha magani, ba wannan tsarin yake bi ba.

Mu duba yininki. Mai aikin kwamfuta yakan zauna awa huɗu bai kurɓi ruwa ba, don aikin ya ɗauke masa hankali, kafin ya ji ƙishirwa kuwa ruwan jikinsa ya riga ya ragu. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne fitsari: idan ya yi ruwan ɗorawa mai duhu kuma kaɗan ne, ruwan bai isa ba, idan ya yi haske, kin sha yadda ya kamata. Babba mai lafiya na buƙatar wajen lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, fiye da haka idan ana zafi ko ana zufa. Ciwon kan rashin ruwa yakan ƙaru idan an sunkuya ko an girgiza kai, kuma yakan sauka tsakanin rabin awa zuwa awa uku bayan an sha kofi biyu na ruwa a hankali. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya da aka ƙayyade masa ruwa, shi ya tsaya kan abin da likitansa ya ce. Tsallake abincin rana ma yana kawo ciwon kai.

Sai ido. A cikin ido akwai wata 'yar tsoka da ke matsewa duk lokacin da kike kallon abu na kusa, ba ta sakewa sai kin kalli nesa. Awa shida a gaban allo awa shida ce tana matse. Ga shi kuma ƙiftawa tana raguwa: mutum yakan ƙifta kusan sau 15 a minti, amma idan ya ƙura wa allo ido sai ta ragu da rabi ko fiye, ido ya bushe, ya yi yaji kamar da yashi a ciki, rubutu ya fara dishi-dishi, goshi ya yi nauyi. Gyaran ba shi da wuya. Bayan kowane minti 20 ki kalli wani abu mai nisan mita shida na daƙiƙa 20. Allon ya kasance nisan miƙa hannu daga fuskarki, samansa daidai da idonki ko ƙasa kaɗan, kada taga ta kasance a bayansa ko tana haska shi. Idan kina matse ido kafin ki karanta, ko kina miƙa wuya gaba, ki je a gwada idon, domin ƙaramar matsalar da tabarau zai gyara tana iya sa ciwon kai na watanni.

Miƙa wuyan nan shi ke haɗa ido da ƙeya. Idan kai ya zarce gaba, tsokar bayan wuya ce ke ɗauke da nauyinsa, damuwa kuma ta zo ta ƙara ɗaure kafaɗu da muƙamuƙi ba tare da mutum ya sani ba. Ki gwada yau da la'asar: ki sa yatsa ki danna inda wuya ya haɗu da ƙoƙon kai, da saman kafaɗa. In kin ji wurin ya yi tauri, dannawar kuma ta tayar da irin ciwon da kika saba ji, to kin gano inda yake fitowa. Ki lura ko haƙoranki a cije suke lokacin da kike aiki. Tashi tsaye kowace awa, sauke kafaɗu, tsumma mai ɗumi a wuya da dare, da barcin awa bakwai zuwa takwas a lokaci ɗaya kullum, suna yin abin da ƙwaya ba ta yi.

Ƙwayar ce ma ta fi damuna a cikin tambayarki, fiye da ƙarin da kike tsoro. Maganin ciwon kai, idan aka yawaita shi, shi da kansa yana haifar da ciwon kai. Wanda ke shan farasitamol ko asfirin ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, har sama da wata uku, ya shiga wannan haɗarin. Idan maganin haɗi ne mai kafeyin ko kodin, ko tiramol, kwana 10 a wata ya isa. Abin da ke faruwa shi ne jijiyoyin da ke kai saƙon zafi suna ƙara saurin tunzura, da zarar maganin ya fita daga jini sai ciwon ya dawo, a sake sha, a haka kwanakin ciwo su yi ta yawa. Ke kin riga kin wuce wannan iyakar. A lura, kwanakin da aka sha ake ƙirgawa, ba yawan ƙwayoyin ba. Ko ta fuskar hanta ma akwai iyaka: babba ba ya wuce giram ɗaya a sha guda, wato ƙwaya biyu masu miligiram 500, da tazarar aƙalla awa huɗu, kuma ba ya wuce giram huɗu a awa 24. Magungunan mura da yawa suna da farasitamol a ciki, ki riƙa karanta kwalin.

Ga abin da zan so ki yi. Ki ajiye farasitamol ɗin gaba ɗaya na wata guda. Kwanakin farko ciwon zai iya ƙaruwa, har da rashin barci da ɗan tashin zuciya, yawanci na kwana biyu zuwa goma, kuma a nan ne mutane ke karaya su koma. Ki daure, alama ce ta jiki yana warwarewa. Mai shan kodin ko tiramol kullum kada ya yanke shi lokaci ɗaya, sai likita ya tsara masa ragewa. A cikin wannan watan ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ƙarfe nawa ciwon ya fara, awa nawa ya yi, tsananinsa daga 1 zuwa 10, ruwan da kika sha, barcin daren jiya, da kwanakin al'ada. Ki dubi ranakun da ba kya aiki musamman. Idan a ranakun hutu kan ba ya ciwo, amsar tana teburin aikinki. Bayan watan, kada shan maganin ya wuce kwana biyu a mako.

Yanzu ga alamun da ba a jira da su, ko tsakar dare ne. Na farko, ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya ya kai ƙarshen tsananinsa cikin minti guda, irin wanda mutum bai taɓa ji ba. Wannan yana iya zama jijiya ce ta fashe jini ya zuba a kewayen ƙwaƙwalwa, kuma ko ya lafa bayan awa ɗaya dole a je, domin ƙaramin zubar jini yakan riga babban. Na biyu, ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, har mutum ya kasa kai haɓarsa ƙirji, ko ya fara sambatu ko yawan barci: ana tsoron sanƙarau. Na uku, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta harɗe, gani ya ɗauke ko abu ya zama biyu: alamun shanyewar ɓarin jiki ne, kuma maganin da ke narkar da gudan jini yana da amfani ne a cikin awa huɗu da rabi na farko. Kada a ba wa irin wannan mutum asfirin a gida, don ba a san toshewa ce ko zubar jini ba sai an yi hoto.

Haka nan ciwon kai bayan faɗuwa ko bugun kai, idan yana ƙaruwa ko ya zo da amai ko gyangyaɗi, musamman ga tsofaffi da masu shan maganin tsinka jini. Mai ciki da ta wuce mako 20, ko mai jego, idan kanta ya yi ciwo mai tsanani da walƙiya a ido ko kumburin fuska ko zafi a ƙarƙashin haƙarƙari, a auna jininta a ranar, kafin ta kai ga jijjiga. Ido ɗaya ya yi ja yana zafi, ana ganin zobe a kewayen fitila, da amai, shi ma na gaggawa ne don gani na iya tafiya. Idan kuma mutanen ɗaki ɗaya suka tashi duk da ciwon kai da jiri, alhali janareta ko gawayi na ci a rufaffen wuri, a fita waje nan take a nufi asibiti: iskar da ke kisa a nan ba ta da wari.

Game da jinin da aka auna miki, hawan jini na yau da kullum ba ya yawan sa ciwon kai. Sai ya kai kamar 180 bisa 120 muke danganta su, shi ya sa mai hawan jini ba zai dogara da kansa ya gaya masa jinin ya hau ba.

Hoton kai kuwa ba shi ne matakin farko gare ki ba. Ki fara ganin likita ya haska bayan idonki, ya gwada ƙarfin gaɓoɓinki da tafiyarki, ya taɓa wuyanki. Idan duk wannan lafiya, hoto da wuya ya nuna wani abu. Za a buƙace shi idan ciwon ya fara tashinki daga barci, ko yana ƙaruwa da tari da yunƙuri, ko ya sauya kama, ko ya ƙi raguwa bayan wata biyu da barin ƙwayar. Ki tafi da littafin nan da kwalayen duk magungunan da kike sha, har da na tsarin iyali idan akwai.

Allah ya ba ki lafiya.